Taitil biyu a bidiyo ɗaya, wanne ya ci?

Sadiq Mai Kaji: Jama'a na gwada na gani da idona, taitil mai labari baya aiki. Bidiyona na YouTube na ɗumama 'yan tsaki na sa mishi “Yadda ake ɗumama 'yan tsaki lokacin sanyi” daga Juma'a zuwa Lahadi, CTR, wato kason waɗanda suka danna cikin waɗanda aka nuna ma shi, 9%. Litinin na canza zuwa “Kaji 40 suka mutu min dare ɗaya, ga kuskuren da nayi”, zuwa Laraba ya sauka 5%. Ko akwai mai ja?

Bashir Kumo: Ni kam ina ja. Mutum nawa suka kalla a kowanne? Kaso ba shi ake ci ba malam

Sadiq Mai Kaji: Na farko an nuna shi sau 3,000 mutum 270 suka danna, na biyu sau 12,000 mutum 600.

Bashir Kumo: To ai ka kashe kanka da bakinka, 600 da 270 wanne yafi? Na biyun ne ya ci, shi yasa ma YouTube ta ƙara watsa shi

Maman Hanif: Ku duka biyun kun yi saurin yanke hukunci. Sadiq ba taitil biyu ka gwada ba, jama'a iri biyu ka gwada. Kwana ukun farko su waye suka ga bidiyon? Masu bin tasharka ne, mutanen da suka san fuskarka suka san muryarka, waɗannan ko “bidiyo na 14” ka rubuta wasu zasu danna. Daga baya YouTube ta fara kai shi gaban baƙi, irin wanda ya gama kallon wani mai kiwo a Kano aka jero mishi kai a gefe, bai sanka ba, dole kason ya sauka. Ko baka taɓa taitil ɗin ba haka zaka gani, nima bidiyoyina na girki kusan duk haka suke, ranar farko sama, kwana huɗu biyar sai a dawo ƙasa alhali masu kallo ƙaruwa suke.

Bashir kai kuma gaskiyarka rabi ce. Saukar CTR tare da hawan Impressions, wato yawan nunawa, ba abin tsoro bane, na yarda, amma baka da hujjar cewa sabon taitil ne ya jawo watsawar. Zai iya yiwuwa kyan kallon da aka yi a kwanakin farko ne ya buɗe mishi hanya, na biyun ya zo ya tarar da tuwo a dafe.

Sadiq Mai Kaji: Hajiya amma har daɗewar kallo ta sauka fa, minti 5 ta koma minti 3 a bidiyo mai minti 12

Maman Hanif: Shima dalili ɗaya zai iya kawo shi, baƙo baya zama kamar ɗan gida. Kuma ka tura mana shi nan guruf ranar Juma'a, ka tura sauran gurufgurufan kiwo, duk kallon da ya shigo ta WhatsApp yana cikin Average view duration ɗinka amma baya cikin lissafin CTR, don YouTube bata ƙirga nunawar da aka yi a wajenta. Shiga Analytics na bidiyon, ka zaɓi kwanakin, ka ware Suggested videos kaɗai ka faɗa mana.

Sadiq Mai Kaji: Na duba. Kwanakin farko nunawa 500, kaso 4%. Na biyu nunawa 9,000, kaso 4.8%. Ikon Allah, kenan a wajen baƙi na biyun ma yafi?

Bashir Kumo: Me nace maka

Maman Hanif: Dakata Bashir. 4% na 500 mutum nawa ne? Mutum 20. Da huɗu kacal suka ƙaru sun zama 24, shine 4.8% ɗin cif. Mutum huɗu kuwa majalisa ɗaya ce a Jekadafari, ba a gina magana a kansu. Abin da wannan ya nuna kawai shine tazarar 9 da 5 ɗin nan yawancinta ba ta taitil bace.

Auwal Bajoga: Ni shawarata mai sauƙi, a ɗora bidiyon sau biyu kowanne da sunansa aga wanda ya fi gudu, ni haka nake a TikTok

Ibro Pantami: Auwal wannan raba gari ne, mutanenka ɗin dai su zasu ga duka biyun, wanda ya kalli na farko me zai kai shi na biyu. Ai YouTube Studio tana da wajen gwajin, a laftof ake yi, ka sa har guda uku ita zata raba ma mutane a lokaci ɗaya, wasu suga wannan wasu suga wancan. Da hoton kan bidiyo suka fara a 2024 daga baya suka kawo na taitil. Amma banda Shorts, kuma sai ka buɗe advanced features. Abin da yake ban haushi bata nuna maka CTR na kowanne, rabon lokacin kallo kawai take baka

Maman Hanif: Da gangan ne, kuma ni na fahimci dalilin. Ɗauki nunawa 1,000 ga kowanne. Taitil ɗaya ya jawo 6%, mutum 60, suka zauna minti 2, jimla minti 120. Ɗayan ya jawo 4.5%, mutum 45, suka zauna minti 4, minti 180. Mai duba dannawa kaɗai zai ɗauki na farko ya yi asarar awa guda a kowace nunawa dubu. Sadiq ina tambaya, labarin mutuwar kaji 40 ɗin a minti na nawa ka bada shi?

Sadiq Mai Kaji: Wajen minti na 7, bayan na gama bayanin tukunyar gawayi da labulen buhu

Maman Hanif: To ka gani. Ka kira mutum da alƙawarin labari, ya shigo ya tarar kana auna tazarar tukunya, ya jira ya gaji ya fita. Buɗe layin Audience retention ka duba sakan 30 na farko, in layin ya faɗo kamar gangaren dutse a nan to alƙawarin taitil da farkon bidiyon ne basu haɗu ba. Wannan ba laifin taitil mai labari bane, a bidiyo na gaba ka fara da gawar kajin sannan ka koma baya. In zaka yi gwajin kuma kar ka taɓa hoton, abu ɗaya ake canzawa, ka barshi ya gama ko zai ɗauki sati biyu, kar ka leƙa kwana biyu kace an samu gwani.

Ibro Pantami: In ma ya bada gwanin kenan. Nawa na gyaran waya sau uku ina yi yana ƙarewa 51 da 49, babu wanda ya ci. Mu masu ƙananan tasha nunawar bata isa

Maman Hanif: Wannan ma amsa ce ai, ka zaɓi wanda yafi faɗin gaskiyar abin da ke ciki ka wuce.

Ibro Pantami: Amma ni har yanzu ban gamsu da maganar mintoci ba Hajiya. Wanda wayarsa ta ƙi caji ya shigo ya ga gyaran a minti ɗaya da rabi ya fita yana sa min albarka, gobe ya zo shagona, a lissafinku na faɗi kenan? Shi ma Sadiq 'yan tsaki yake saidawa, kiran waya yake nema ba mintoci ba

Maman Hanif: Nan kam bazan ja da kai sosai ba, gwajin baya ganin wanda ya kira. Sai dai ka riƙa tambayar masu zuwa a ina suka ganka, kuma ko sun faɗa ba zasu tuna wane taitil suka danna ba.

Sadiq Mai Kaji: Kira bakwai na samu satin nan, biyar daga Litinin zuwa Laraba

Bashir Kumo: Hajiya kar ki ce biyar ma majalisa ɗaya ce

Maman Hanif: Ko benci bata cika ba. Sadiq in an kawo wuta ka ari laftof ɗin Ibro ku saka gwajin, ku turo mana hoton sakamakon in ya kammala.