Zaman suka ne ko zaman gyara?

Ɗan Kawo: Jama'a ku raba mu. Mu biyar ne a shagonmu na zane da ɗab'i. Kwana uku ina haɗa wa wata mai abinci banar talla, ƙafa 8 a 4, wadda za a kafa bakin titi. A zaman sukar aiki na Litinin oga ya kalla ya ce "bai yi ba", sauran suka bi shi yuu. Ba wanda ya faɗi abin da bai yi ba. Ni na ce zaman nan ɓata lokaci ne, a soke shi.

Na Rigasa: Ai tun daga sunan kuka ɓata. Suka fa? Wanda ya zo suka da wuƙa yake zuwa. Ku ce zaman shawara.

Baban Kakuri: Shawara kuma? Shi ya sa yaran yanzu ba sa ƙwarewa. Mu da muka koya, yaga takardar ake yi a gabanka. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Na Rigasa: To Baba, kai ma ga shi "gyara" ka ce, ba ka ce suka ba.

'Yar Barnawa: Ku bar sunan. Ƙanena, kafin ka buɗe aikin, me ka faɗa musu? In ba ka ce komai ba, kowa son ransa zai faɗa. Mu rabin awa muke yi. Mai aikin ya fara da minti uku: wa zai ga banar, daga ina, me ake so ya yi, kuma aikin somin-taɓi ne ko gobe za a buga. A taka, mutum ne cikin Keke ko bas, ana so ya san abinci ake sayarwa, ya kama lambar waya. Sai ka nuna ta daƙiƙa biyar ka rufe, kowa ya rubuta a takarda shiru: me idona ya fara gani? Me ake sayarwa? Na iya karanta lambar? A karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin yaron shago ya fara, oga ya zo ƙarshe. In oga ya fara, an gama, ba yaron da zai musa masa.

Maman Twins Malali: Wallahi haka ake mini. Sai ka gama ɗinka zane da riga mace ta ce bai yi ba, alhali ita ta zaɓi sitayil ɗin.

Na Rigasa: Hajiya, zanen kwamfuta ake magana.

Baban Kakuri: Oga ya zo ƙarshe? A shagonsa? Shi ke biyan haya fa. Abu mai sauƙi, a ɗaga hannu, mafi rinjaye su ci.

'Yar Barnawa: Baba, hukunci na oga ne, ban ƙwace masa ba, jinkirta bakinsa kawai na ce. Amma ƙuri'a ba ta gaya maka inda ciwon yake. In mutum huɗu suka rubuta cewa hoton shinkafa suka fara gani, ba wanda ya kama lamba, ka san lambar ce matsala. Ɗan Kawo, tsayin lambar inci nawa ne?

Ɗan Kawo: Biyu, Anti. Ja a kan ruwan ƙasa.

'Yar Barnawa: To ka gani. Masu allon talla suna ƙiyasta inci ɗaya ga kowace ƙafa goma ta nisa, in ana so a karanta ba wahala. In mota na wucewa a ƙafa 60, wajen inci 6 kake buƙata, kuma ja a kan ruwan ƙasa nutsewa yake yi. Wataƙila abin da oganka ya hango ke nan, bai dai iya faɗa ba. Duk wanda ya ce "bai yi ba" a tambaye shi: wane ɓangare, kuma me ya hana mai wucewa yi? Mutum ɗaya ya riƙa rubutawa, a tashi da gyara uku, kar su wuce haka.

Na Rigasa: Na tabbata da Canva ya yi. Da CorelDRAW ne a launin ɗab'i na CMYK da jan bai mutu ba.

Ɗan Kawo: Malam, shekara shida ina kan Corel. Kuma ba a ma buga ba tukuna, a sikirin suka gani.

Baban Kakuri: 'Yan Canva dai sun kashe mana kasuwa, kowa da waya ya zama mai zane.

Maman Twins Malali: Wace mai abincin ce? Tana kai wa gida?

Na Rigasa: Bari in taƙaita tunda dare ya yi. Kowa ya yarda kalmar suka ce ta jawo rigimar, har Baba ya dawo layinmu. Anti ma ta kawo 'yan dabaru na inci da minti. Ɗan Kawo, ka je ka ce wa oga a sauya suna.

Baban Kakuri: Ni ban dawo layin kowa ba.