Sanarwar gurbi uku a mataki na 15: waɗanda suka taɓa shiga irin wannan ku faɗa mana

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. An liƙa mana sanarwar cikin gida a allon ofis, hukuma ce ta gwamnatin tarayya. An ce akwai gurbi uku na Mataimakin Darakta, mataki na 15, a ɓangaren mulki, duk ma'aikacin da ke mataki na 14 da ya cancanta ya nema ta hannun shugaban sashensa cikin mako uku. Sun jera yadda za a yi: tantance takardu da fayil, sai jarrabawa a kwamfuta, sai ganawa da kwamiti, sannan a kai sakamako hukumar gudanarwa. Maki kuma 70 na jarrabawa da ganawa, 20 na fom ɗin APER na shekara uku, wato rahoton auna ƙwazon ma'aikaci da ake cikewa duk shekara, 10 na daɗewa a mataki, kuma sai mutum ya kai 60 ya ci. Mu goma sha ɗaya ne a mataki na 14. Ƙarin girmana na ƙarshe ya fara aiki 1 ga Janairu 2022, amma takardar ba ta zo hannuna ba sai Oktoban shekarar. Sanarwar ta ce mutum ya cika shekara uku zuwa 1 ga Janairu 2025. Na shiga ko ban shiga ba? Kuma a wane mataki aka fi zubar da mutane?

Ɗan Gwale:
Hajiya, a ganina kin rasa da 'yan watanni. Daga ranar da aka ba ki takarda ake ƙirgawa, haka aka yi wa wani a wajenmu. Amma ki miƙa dai, ba a san inda rabo yake ba.

Baba Fansho:
A'a Ɗan Gwale, kada ka karya mata gwiwa. Ranar da aka buga takarda daban, ranar da ƙarin girman ya fara aiki daban, kuma ta biyun ake dubawa. 'Yata, buɗe takardar ki karanta layin da ya ce ƙarin ya fara daga rana kaza. In 1 ga Janairu 2022 ce a rubuce, kin cika shekara uku cif. Dokar aikin gwamnati shekara biyu ce ga mataki na 6 zuwa ƙasa, uku ga na 7 zuwa 14, huɗu ga na 15 zuwa sama. Wanda Ɗan Gwale ya gani ina jin canjin layin aiki ya yi, shi wannan lissafinsa yakan koma ranar da aka amince da canjin.

Na yi shekaru ina haɗa wa kwamiti takardun 'yan takara kafin na yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne mutane suna kwana karatun jarrabawa alhali tun a matakin farko aka cire su. Kwamitin tantancewa ba ya ganin fuskarki, fayil yake gani. Sakatare zai zana tebur: suna, ranar haihuwa, ranar fara aiki, ranar tabbatarwa, ranar ƙarin girma na ƙarshe, takardar ilimi, makin APER na shekara uku, sai gurbin ƙarshe, akwai tuhuma ko babu. Duk inda aka bar fili a wannan tebur, ke aka bar wa matsala. Don haka gobe, kafin ki taɓa littafin dokokin aiki, ki je rajista ki roƙi a duba miki fayil a gabanki. Ki tabbatar takardar tabbatar da ke a aiki tana ciki, da kwafin ƙarin girman 2022, da fom ɗin 2022, 2023 da 2024 duka da sa hannun shugabanki da na wanda ke samansa. Ki kuma duba ranar haihuwar da ke fayil ta yi daidai da wadda ke jerin sunayen ma'aikata da ta wajen biyan albashi. Saɓanin rana ɗaya kan sa a ajiye sunan mutum gefe a ce sai an yi bincike, binciken kuwa ba ya ƙarewa kafin ranar jarrabawa.

Talatu Jos:
Baba ya faɗi abin da ya same ni. Sunana bai fito a jerin waɗanda za su zauna jarrabawa ba, na bi sawu, ashe fom ɗina na shekara guda ne babu. Na cike shi, na kai wa ogana, aka yi masa sauyin wajen aiki zuwa wata jiha, fom ɗin ya kwanta a durowarsa ba sa hannu. Sabon oga ya ce ba zai auna aikin da bai gani ba, kuma gaskiyarsa. Sai da na aika fom ɗin a mota har inda tsohon yake, kafin ya dawo an rufe. Na jira zagaye na gaba. Yanzu ina ɗaukar kwafin kowane fom bayan an sa hannu, da hatimin karɓa na rajista a jiki.

Abu Hanif:
Don Allah Hajiya ki turo mana adireshin da ake nema. Ina da ƙane ya gama hidimar ƙasa, ya karanta harkar mulki, shekara biyu yana zaune.

Maman Khalifa:
Malam Abu Hanif, Allah Ya ba shi nasa. Wannan ta ma'aikatan da ke ciki ce kawai, har lambar fayil ake rubutawa. Baba na gode, na duba, 1 ga Janairu 2022 ce. To maganar makin nan fa? Biyu daga cikinmu sun riga ni shiga mataki na 14 da shekara huɗu.

Baba Fansho:
Bari in yi miki lissafi da alƙalami. Wannan rabon na 70, 20, 10 shi ne wanda muka daɗe muna aiki da shi a tarayya. A ce kin samu 62 cikin 100 a jarrabawa da ganawa. In aka mayar da shi kan 70 ya zama 43.4. Matsakaicin APER ɗinki 80, kan 20 ya zama 16. A daɗewa aka ba ki 6 tunda yanzu kika cika shekara uku. Jimla 65.4, kin wuce 60. Shi kuma wanda ya riga ki ya samu 58 kawai a jarrabawa, wato 40.6, APER ɗinsa 90 wato 18, daɗewa ya kwashe 10. Jimla 68.6. Kin fi shi a jarrabawa, ya fi ki a jeri. Tazarar maki 6 da ya ba ki a APER da daɗewa, kafin ki rufe ta sai kin fi shi da kusan maki 9 a ɗanyen makin jarrabawa, tunda kowane maki ɗaya can 0.7 ne a nan. Yadda ake raba goman daɗewa kuma kowace hukuma da tsarinta, ki tambayi sakataren kwamiti a rubuce.

Sai abin da ya fi ɓata wa mutane rai. Maki 60 ƙofa ce kawai. In mutum bakwai suka wuce 60 a cikinku, gurbi uku ne, ukun farko za a ɗauka. Sauran huɗun sun ci amma babu gurbi, kuma a inda na yi aiki ba a ajiye musu makin, sake zama suke yi.

Injiniya Sokoto:
Wannan na sha shi. Na ci, na zo na huɗu a gurbi biyu. Amma ni ina da ja a kan daɗewa. Mutum ya zauna shekara bakwai a mataki ɗaya saboda ya faɗi sau biyu, sai a saka masa da maki goma? A kamfanin da matata ke aiki babu wannan. Sanarwa ake turowa ta imel, ka nema a manhajar kamfani, shugabanka ya amince, a ba ka wata matsalar aiki ka warware ka gabatar a gaban mutum uku, shi ke nan. Wanda ya shigo bara zai iya wuce wanda ya shekara goma.

Talatu Jos:
Injiniya, a can kuma in shugabanka bai danna amincewa ba ko ganin takardarka ba za a yi ba. Mu aƙalla daɗewa ita ce makin da babu wanda zai iya rage maka don ba ka gaishe shi ba. APER fa? Ogan da yake da sauƙin hannu kowa 90 yake ba shi, mai tsauri 70, aiki iri ɗaya. Maki 4 ke nan a jimla, sun isa su raba na uku da na biyar. An ce sabon tsarin auna ƙwazo da ofishin Shugaban Ma'aikata na tarayya ya kawo zai gyara wannan, ban dai ga bambancin ba tukuna a wajenmu.

Ɗan Gwale:
To na karɓi gyara a kan rana. Amma abu ɗaya na tabbata, duk mai takardar tuhuma a fayil ya manta da ƙarin girma. Sannan ku duba wanda ke riƙon ƙwarya a kujerar, yawanci don shi ake buga sanarwar.

Baba Fansho:
Rabi ka faɗa. Tuhumar da aka amsa, aka gamsu, aka rufe, ba ta hana komai, sai dai a tabbatar takardar rufewar tana fayil, domin sau da yawa tuhumar ce ake sakawa a manta da amsar. Wadda ke tsayar da mutum ita ce maganar da ke gaban kwamitin ladabtarwa ba a yanke ba, ko hukuncin da wa'adinsa bai ƙare ba. Riƙon ƙwarya kuwa a takarda ba shi da maki ko ɗaya. Ban ce ba ya tasiri ba: mai riƙo ya san aikin kujerar, in aka tambaye shi a ganawa yadda ake shirya takardar zaman hukumar gudanarwa, jiya ya yi ta. Amma na ga mai riƙo ya faɗi a kwamfuta, ya miƙa wa wanda ke ƙasansa makullin ofis.

Malama Zinariya:
Tunda babu wanda ya yi maganar jarrabawar kanta, ga abin da na tarar. Tambayoyin zaɓi ne, daga dokokin aikin gwamnati, dokokin kuɗi, dokar sayen kaya ta 2007, da al'amuran yau da kullum. Ku nemi sabon bugun dokokin aiki na 2021, wasu da muka zauna tare da na 2008 suka yi karatu. Abin da ya kayar da manya ba rashin sani ba ne, agogo ne da linzamin kwamfuta. Wani dattijo kusa da ni lokaci ya ƙare masa yana rabin tambayoyi. Ganawar kuma ba ta kai minti ashirin ba: aikin da kake yi yanzu, yadda za ka ladabtar da ma'aikacin da ya daina zuwa aiki ba izini, sai suka karɓi asalin takardun makaranta suka gwada da kwafi. A nan aka tsayar da wata, digirinta na biyu ta yi shi ba tare da takardar izinin karatu daga ofis ba, aka ce ba za a lissafa shi ba.

Abin da ban gane ba har yau, Baba, masu babbar difloma. A zamanmu an ce musu mataki na 14 ne ƙarshensu sai sun canja layi. Har yanzu haka ne?

Baba Fansho:
Haka tsarin aiki ya tanada a zamanina, layin masu babbar difloma a 14 yake tsayawa. An sha kai ruwa rana a kan cire bambancin, kuma hukumomi ba su tafi a kan abu ɗaya ba. Abin da sanarwar ta rubuta a sakin layin cancanta shi kwamiti zai bi.

Maman Khalifa:
Tamu ta ce digiri na farko, kuma mutum yana layin jami'an mulki. Uku daga cikin goma sha ɗayan masu difloma ne, ƙungiyar ma'aikata ta ce za ta rubuta a kansu. Na je rajista yau da safe. Fom ɗin 2022 da 2023 suna nan, na 2024 akwai sa hannun shugabana, babu na Darakta, shi kuma yana hutun shekara har ƙarshen wata, kwana huɗu bayan rufewa. Wanda ke riƙe masa zai iya sa hannu a madadinsa, ko sai in rubuta wa sakataren kwamiti tun yanzu?