Imel ɗin da ya ƙare da "a sanar da ni": wa ya taɓa ƙonewa da shi?

Jami'ar gudanarwa, Kano:

Assalamu alaikum. Ina so mu tattara abin da ya faru da kowa a kan wannan, domin ni dai ya taɓa jawo mini asara. Ƙungiyarmu ta shirya taron bita na mutum 40. Na zagaya na samo ɗakin taro, masu wurin suka ce za su riƙe mana ranar har mako guda, in mun biya kafin alƙalami na naira 150,000 ta zama tamu. Na dawo ofis na rubuta imel mai tsawo, na maƙala takardar farashi, na sa mutum biyar a layin To: shugaba, ma'aji, akanta, jami'in shirye-shirye da mai kula da sayayya. Na rufe da cewa, "Don Allah a duba a sanar da ni."

Duk su biyar sun karanta. Biyu ma sun amsa da "madalla, an gode". Amma ma'aji yana jiran sa hannun shugaba, shugaba ya ɗauka akanta ya riga ya shirya takardar biya, akanta kuma bai ga inda aka ce shi ne zai fara ba. Ranar da na kira masu ɗakin taron, sun ba wasu masu biki. Mun riga mun aika wa mutum 40 takardar gayyata da sunan wurin a jiki. Wuni biyu na yi ina bin su da waya ɗaya bayan ɗaya.

Da muka samu wani wurin, ga yadda na rufe saƙon: "Malam Akanta, kai ne za ka shirya takardar biya ka miƙa wa shugaba kafin ƙarfe 12 na rana, Litinin 12 ga Mayu. Malam Ma'aji, da zarar an sa hannu sai ka tura kuɗin ka aiko mini da rasit kafin ƙarfe 2 na ranar Laraba 14 ga Mayu, saboda masu wurin za su saki ranar da safiyar Alhamis. Ni zan kira su ƙarfe 3 na Larabar in tabbatar kuɗin ya shiga." Su biyun kaɗai na sa a To, sauran na mayar da su Cc. Rasit ya iso ranar Talata. Wa ya gwada irin wannan, kuma me ya gani?

Ƙaramin ma'aikaci, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Anti. Abin ya yi miki kyau saboda kina da matsayin da za ki ce wa akanta "kai ne". Ni wata takwas na yi da kama aiki, kuma yawancin saƙonnina sama suke tafiya. Na gwada sau ɗaya, na rubuta wa oganmu cewa ina buƙatar amincewarsa kafin Alhamis. Bai amsa ba. Washegari mataimakinsa ya ja ni gefe ya ce yaro ba ya yanka wa babba wa'adi. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, shi ya sa na koma "ina jiran umarninka".

Tsohuwar sakatariya, Zariya:

Ɗana, mataimakin nan bai yi ƙarya ba, amma bai gaya maka gyaran ba. Na yi shekaru ina ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur tun kafin imel ya zo. A fayil ɗin gwamnati ba a rubuta bayani a bar shi a iska. Kowane bayani da sunan muƙamin wanda aka nufa yake farawa, a sa hannu, a sa kwanan wata. Imel ne ya zo ya ba mu damar yi wa mutum goma magana lokaci guda, har aka manta da wannan tarbiyyar.

In za ka rubuta wa na gaba da kai, kada wa'adin ya fito daga bakinka. Ka nuna masa inda ya fito, kuma ka ɗora aikin a kanka. Ka ce: "Ranka ya daɗe, masu buga takardun sun ce in ba su samu amincewa ba zuwa Alhamis 15 ga wata, aikin ba zai fito kafin taro ba. Na maƙala samfurin. Abin da ake nema daga wajenka shi ne e ko a'a a kan shafin farko. Zan shigo ofishinka ranar Laraba ƙarfe 10 in karɓi amsa, in lokacin bai yi ba ka faɗa mini wanda ya fi." Ka ga akwai suna, akwai abin da za a yi, akwai rana, amma kai ne mai tashi ka je. Ban taɓa ganin shugaban da ya ji haushin an rage masa aiki zuwa e ko a'a ba. Abin da ke ɓata musu rai shi ne "ina buƙata kafin", domin ya yi kama da kai ne mai ba da oda.

Ƙaramin ma'aikaci, Kaduna:

Na gode, Hajiya. Zan gwada a saƙo na gaba. Sai dai oganmu ba ya son a shiga ofishinsa ba tare da ya kira ba, to zan ce zan bi ta wajen mataimakin nasa.

Ɗalibi, Katsina:

Ni kullum ina sa sunana da lambar wayata da sashen da nake karatu a ƙarshen kowane imel, kuma kwanan wata ai na'ura ce ke sa shi da kanta a sama. Duk da haka malamin da ke duba aikina bai amsa mini ba mako uku ke nan.

Jami'ar gudanarwa, Kano:

Ƙanina, ba sunanka na ƙasan takarda muke nufi ba, sunan wanda aikin ke wuyansa ne, da ranar da ake son ya gama. Me ka roƙi malamin ya yi? In "ga babi na biyu, a duba" ka rubuta, babu abin da zai sa ya ɗauko naka ya bar na sauran. Ka gaya masa ranar da sashe zai rufe karɓa, ka roƙi gyara a kan babin kafin wata rana takamaimai, ka ce za ka zo ofishinsa ranar ka karɓa.

Mai sayo wa kamfani kaya, Kumasi:

Ni rana ce ta taɓa ba ni wahala. Muna hulɗa da wasu a Amurka, na rubuta musu cewa a turo takardun kaya kafin 03/04. Ni 3 ga Afrilu nake nufi, su kuma wata suke fara rubutawa, sai suka karanta 4 ga Maris. Wannan karon kuskuren ya zo da sauƙi, sun yi gaggawa ne suka turo takardu ba cikakku ba. Da 04/03 na rubuta ina nufin 4 ga Maris, da sun makara da wata guda. Tun daga nan nake rubuta sunan watan da haruffa, in haɗa da sunan ranar.

Sai kuma agogo. Kano da Yamai suna gaban Kumasi da awa ɗaya. In na ce wa abokin aikinmu na Kano "kafin ƙarfe 4", sai na ƙara "agogon Najeriya", in ba haka ba kowa da nasa ƙarfe huɗun.

Malamin makaranta, Damagaram:

Wannan gaskiya ne, kuma a Hausa ma muna da namu tarkon. Na taɓa rubuta wa malamai cewa a turo mini makin jarrabawa "daren Juma'a". Rabinsu sun turo ranar Alhamis da dare, domin a lissafinmu na addini daren Juma'a shi ne wanda zai waye Juma'a. Sauran sun turo Juma'a bayan isha'i. Babu wanda ya yi laifi. Haka "bayan Sallah": wani yana nufin ranar da aka koma aiki, wani bayan an gama yawon Sallah gaba ɗaya, ga shi ranar kanta sai an ga wata. "Gobe" ma, in mutum bai buɗe saƙon ba sai washegari, goben ta zama jibi.

Abu ɗaya da ba na yarda a cire shi ne "in Allah ya yarda". Wasu suna ganin shi ke sa magana ta yi sako-sako. Ni ina rubuta shi a bayan ranar da lokacin, ba a madadinsu ba.

Akanta, Abuja:

Ni dabarata ta fi duk waɗannan sauri. Ina rubutawa: "In ban ji daga gare ka ba zuwa Laraba, zan ɗauka ka amince, zan ci gaba." Shiru ma magana ce. Da wannan ba wanda ke riƙe mini aiki.

Tsohuwar sakatariya, Zariya:

Malam Akanta, wannan tana aiki a inda abin ƙarami ne kuma ana iya warware shi, kamar zaɓen ranar zama ko tsarin ajanda. Amma ban da kuɗi, ban da kwangila, ban da duk abin da ke buƙatar sa hannu. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo suka ce ina amincewar shugaba, shirunsa za ka nuna musu? Mutumin yana iya kasancewa a asibiti, ko saƙon ya faɗa Spam bai gani ba.

Akanta, Abuja:

Hajiya, kuɗi ba na fitarwa da shiru, wannan na yarda. Amma a kan sauran abubuwa ina nan a kan bakana. In ka jira kowa ya ce e, wata zai ƙare ba a rufe lissafi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Jos:

Ni daga ɗaya ɓangaren zan yi magana, na wanda ake rubuta sunansa. An taɓa tura saƙo ga mutum sha biyu, a ƙarshe aka ce ni ce zan haɗa rahoton wata kafin Juma'a. Ba wanda ya tambaye ni. Makon nan aikin dare nake yi, ban buɗe imel ba sai Asabar. Da na buɗe na tarar an bi da saƙo biyu ta Reply all ana tambayar ina rahoton, kowa na gani. Na ji zafin abin sosai, domin an mayar da ni mai saɓa alkawarin da ban ɗauka ba. Yanzu in zan sa sunan wani, sai na fara kiransa ko na tura masa ta WhatsApp mun daidaita ranar. Imel ɗin ya zama shaidar abin da muka riga muka yarda. In bai cika ba, shi kaɗai nake tuntuɓa, ba a gaban jama'a ba.

Jami'ar gudanarwa, Kano:

'Yar'uwa, Allah ya huci zuciyarki. Ban faɗa ba ɗazu, amma kafin in tura saƙon nan na biyu sai da na leƙa ofishin akanta na tambaye shi ko Litinin za ta yiwu, shi ne ma ya ce a sa ƙarfe 12 maimakon 10. Kuma kiran ƙarfe 3 da na ɗora wa kaina, nan take na sa shi a kalandar waya, don in ni na manta da nawa, gobe ba wanda zai ɗauki ranakuna da muhimmanci.

Inda har yanzu nake tuntuɓe shi ne aikin da mutum biyu ke da hannu daidai, misali rahoton da akanta zai kawo alƙaluma, jami'in shirye-shirye ya rubuta bayani. In na sa sunansu duka, kowa na jiran ɗan'uwansa. In na sa ɗaya a matsayin mai haɗawa, ɗayan yana ganin an fifita wani a kansa. A watan jiya na raba musu rana, alƙaluma Litinin, bayani Laraba, sai akanta ya makara da kwana ɗaya, laifin kuma ya faɗa kan na biyun don shi ne na ƙarshe. Hajiya, a zamanin fayil yaya kuke yi da irin wannan?