Ɗaurewar ƙafa da dare: magnesiyam ko abinci?

Bayan motsa jikin yamma a filin wasa na Giginya, hira ta koma kan ɗaurewar sha-raɓa cikin barci. Wani ɗan ƙwallo ya ce wata guda yana shan ƙwayar magnesiyam, gudawa kawai ya samu. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba mamaki: nazarin 2020 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, bai ga amfanin kirki ga tsofaffi ba, 'yan wasa kuwa ba a gwada a kansu ba. Mai ciwon ƙoda ma kada ya sha sai da izinin likita.

Namiji na buƙatar kusan miligiram 400 kullum. Fura, wake da gyaɗa suna ba da kaso mai yawa, ni kam nan na tsaya. Idan ƙafa ta ɗaure, miƙe ta, ja yatsu wajen gwiwa.