Bayanan sirrina suna fitowa a bango, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Alhamis zan gabatar da aikina na kammala karatu a nan Sakkwato, an ba kowa minti 15, kuma malaminmu ba ya ƙara ko daƙiƙa ɗaya.

Matsalata da Presenter View ce a PowerPoint. A ɗaki, in na danna Alt+F5 komai lafiya lau: ga agogo yana ƙirga lokacin da na ci, ga shafi na gaba a hannun dama, ga bayanan da na rubuta wa kaina a ƙarƙashinsa. Amma jiya da na je gwaji na jona majigi da wayar HDMI, sai abin da ke kwamfutata ya fito a bango sak, har da inda na rubuta "kar ka yi sauri a nan". Abokan ajinmu suka yi ta dariya.

Wani ya ce allon yana kan Duplicate ne. Na danna Windows+P na zaɓi Extend, na tabbatar akwai alama a Use Presenter View ƙarƙashin Slide Show. To sai abin ya juye: bayanan suka koma bango, shafin da jama'a za su gani ya dawo gabana.

Na ga Swap Presenter View and Slide Show a cikin Display Settings, ya kuwa gyara. Sai dai da aka ɗauke wuta majigin ya mutu ya dawo, sai na ga an koma gidan jiya.

Shin in na zaɓi majigin da kaina a wurin Monitor maimakon Automatic, zai zauna? Kuma agogon ana iya sa shi ya ƙirgo daga 15 zuwa ƙasa, ko sama kawai yake tafiya? Allah ya saka da alheri.