Don Allah a taimaka min da gyaran wannan bayani

Assalamu alaikum. Wata mata ta saka hoton shagona, wai na sayar mata da takalmin jabu. Raina ya ɓaci, na zauna na zuba martani mai tsawo, har maƙaryaciya na kira ta. Allah ya sa ban tura ba.

Da safe na cire zagin da sunanta, na bar ranar cinikin da tayin mayar mata da kuɗinta. To ga inda na maƙale: in na rubuta "muna ba da haƙuri", sai ya zama kamar na amsa laifi, alhali kayan na asali ne, rasidin dila na hannuna. In na cire kuma, maganar ta bushe, kamar ina gadara.

Yaya zan ba da haƙuri kan ɓacin ranta ba tare da na yarda jabu ne ba? Kuma rasidin, in saka hotonsa ko in tura mata ita kaɗai?