Idan aikin rufe wata ya tsaya da kuskure 1205

Akantoci da masu kula da rumbun bayanai da suka tattauna matsalar sun fara ne da musabbabinta. A SQL Server, idan aikin shigar da lissafin ƙarshen wata ya kulle layin asusun banki yana jiran na ciniki, shi kuma wani akawu ya riƙe na ciniki yana jiran na banki, sai a yi cirko-cirko. Cikin daƙiƙa 5 ko ƙasa da haka SQL Server zai gano, ya soke wanda ya fi sauƙin warwarewa, ya nuna kuskure 1205.

Shawarar farko: kada a sake tura aikin nan take. A duba leja tukuna, domin idan manhajar lissafin tana adana takardu ɗai-ɗai ne, wasu sun riga sun shiga.

Daga nan a buɗe `xml_deadlock_report`, wato rahoton cirko-cirkon da SQL Server ke ajiyewa a cikin `system_health`, a ga su wa suka yi karo. In ɗayansu mai ciro rahoto ne, saitin da ke ƙasa yakan yi magani, amma ana kunna shi ne lokacin da ba kowa a cikin rumbun bayanan, kuma da amincewar masu manhajar:

```sql
ALTER DATABASE Leja SET READ_COMMITTED_SNAPSHOT ON;
```

In kuwa dukansu rubutawa suke yi, wannan ba zai hana ba. Sai a sa kowane aiki ya bi asusai daga ƙaramar lamba zuwa babba. Kafin a samu wannan gyara, a ganina gara a tsayar da kowa, a yi shigarwar bayan an tashi daga aiki.